Mitar ruwa da babban bawul: inda ake ɗaura su da tsawon bututun da suke bukata

Mitar ruwa na'ura ce da ake ɗaurawa a kan bututu domin ta ƙirga yawan ruwan da ya ratsa ta. Babban bawul kuwa, wanda wasu ke kira makullin ruwa, shi ne wanda ake murɗawa a tsayar da ruwan gida ko na unguwa baki ɗaya. Tare ake ɗaura su, kuma ingancin aikin kowanne ya dogara da inda aka ajiye ɗan'uwansa. Mita sabuwa dal, wadda ta fito daga masana'anta da daidaitaccen awo, tana iya yin shekaru tana ba da lissafin ƙarya idan mai aikin famfo ya liƙa ta a jikin gwiwar bututu, ko ya tsayar da ita a tsaye, ko ya sa ta inda iska ke taruwa.

Amarawa, a Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, tana dab da kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, fiye da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato. Mutanen wannan yanki sun san tsarin biyan kuɗin ruwa iri biyu. A Birnin Ƙonni, da ke tsallaken iyaka, mai famfo a gida yana da mitarsa, wadda a can ake kira kwantar, kuma abin da ta ƙirga shi zai biya. Tun gyaran da aka yi a 2001 Nijar ta raba aikin ruwan birane tsakanin kamfanin SPEN, mai kula da kadarori, da kamfanin SEEN, mai rarrabawa da karɓar kuɗi, wanda NDE ya gada a farkon 2024. A ɓangaren Najeriya kuwa, an fi sabawa da ƙayyadadden kuɗin wata, ko sayen ruwa jarka-jarka a bakin rijiyar burtsatse mai tanki a sama. Saboda haka mitar da za ta fi amfani a gari irin Amarawa ita ce wadda ake sa wa a ƙarƙashin tankin burtsatse, domin kwamitin da ke kula da rijiyar ya gwada ruwan da ya fita da kuɗin da ya shigo. Ta biyu ita ce ƙaramar mitar da ake ba gidan da ya ja reshe daga wannan tanki. A duka biyun ƙa'idar ɗaurawa guda ce.

Abin da ya sa mita ke son miƙaƙƙen bututu

Mafi yawan mitocin da ake samu a kasuwa ba sa auna ruwa kamar yadda ake auna gero da mudu. A cikinsu akwai 'yar farfela da ruwa ke juyawa, sai haƙoran ciki su mayar da yawan juyin zuwa lambobi. A masana'anta an daidaita wannan lissafi ne da ruwa mai tafiya a natse, wanda ya cika bututu, yana gudu da ƙarfi a tsakiya, a hankali a gefe. Duk abin da ya canja wannan tafiya ya canja saurin farfelar, alhali yawan ruwan bai canja ba.

Gwiwar bututu tana tura ruwa ya taru a gefe guda. Bawul da aka buɗe rabi yana matse ruwa ya fito da tsiri kamar daga bakin buta. Gwiwa biyu a jere, ɗaya ta karya ƙasa ɗaya ta karya gefe, suna sa ruwa ya riƙa murɗawa kamar igiya, kuma wannan murɗi ya fi kowane hargitsi daɗewa kafin ya kwanta. Idan ruwan ya murɗa ta ɓangaren da farfela ke juyawa, mita za ta ƙirga fiye da gaskiya. Idan ya murɗa ta ɗaya ɓangaren, ta ƙirga ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ba a iya cewa mitar da aka ɗaura ba daidai ba kullum mai saye take cuta ko mai sayarwa. Tana iya cutar kowanne, kuma babu mai ganewa da ido.

Maganin shi ne a bar wa ruwa miƙaƙƙen bututu ya huta a ciki kafin ya shiga mita, a kuma bar wani guntu bayanta. Ana auna wannan tsawo da faɗin bututun ne. Tsohuwar ƙa'idar da masu aikin ruwa suka gada ita ce ninki 10 na faɗin bututu a gaban mita, ninki 5 a bayanta. Ga bututun inci 2, wanda faɗinsa milimita 50 ne, wannan ya zama santimita 50 kafin mita da santimita 25 bayanta. Ga bututun gida mai rabin inci, wato milimita 15, santimita 15 ne kafin mita da 7 da rabi bayanta, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba. Duk da haka shi ne abin da aka fi yin rowarsa.

Mitocin zamani suna ɗauke da amsar a fuskarsu. Ƙa'idar duniya ta mitar ruwa, ISO 4064, ta tanadi a rubuta alamar U da D tare da lamba. U na nufin ɓangaren da ruwa ke shigowa, D ɓangaren da yake fita. Mitar da aka rubuta wa U10 D5 tana bukatar ninki 10 da ninki 5. Wadda aka rubuta wa U0 D0 an gwada ta an tabbatar hargitsin ruwa bai dame ta ba. Inda aka ga harafin S a gaba, kamar U3S, ana nufin sai an haɗa mata da abin miƙar da ruwa, wani guntun ƙarfe mai ramuka da ke kashe murɗi. Idan babu rubutun komai, ko takardar mitar ta ɓace, sai a koma ga ninki 10 da 5. Ko da U0 D0 ce, barin tazarar bai ci komai ba sai guntun bututu.

Akwai sharaɗi guda da ake yawan karyawa: miƙaƙƙen bututun dole faɗinsa ya zama daidai da bakin mitar, kuma kada a sa komai a cikin wannan tazara. Idan layin inci 2 ne aka sayo mitar inci 1 da rabi, sai a rage faɗin tun daga nesa, sannan a fara ƙirga ninki 10 daga inda ragin ya ƙare. Robar da ake sa wa a mahaɗa ma, idan ta leƙo cikin bututu, ta zama hargitsi a ƙofar mitar.

Jerin kaya a ƙarƙashin tanki

A ɗauka akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a Amarawa, da tanki a kan hasumiyar ƙarfe, da bututun inci 2 da ke saukowa daga tankin zuwa kawunan famfo. An sayo mita mai flanja, wato mai faffaɗan baki da ake ɗaurewa da kusoshi, an rubuta mata DN50 da U10 D5. Irin wannan mita tsawonta kan kasance santimita 20.

Abin da ya fi sauƙi ga mai aiki shi ne ya yanke bututun da ke saukowa ya soka mitar a tsaye, ko ya ɗaura ta nan take bayan gwiwar da ke gindin hasumiya. Duka biyun kuskure ne. Ruwan da ke faɗowa ƙasa ba lalle ya cika bututu ba, musamman idan tanki ya kusa ƙarewa, kuma gwiwa ita ce tushen hargitsin da aka ambata. Abin da ya dace shi ne a bar bututun ya sauko ya kwanta, sannan a jera kaya kamar haka: babban bawul tukuna, sai rariyar tace yashi, sai miƙaƙƙen bututu santimita 50, sai mita da fuskarta tana kallon sama, sai miƙaƙƙen bututu santimita 25, sai bawul na biyu. Bayan bawul na biyu sai bututun ya ɗan hau sama kafin ya nufi kawunan famfo. Daga farkon tazarar gaba zuwa ƙarshen ta baya santimita 95 ke nan. Idan aka haɗa da bawuloli da rariya, akwatin da za a gina musu sai ya doshi ƙafa biyar. Wanda ya fara gina akwati kafin ya auna kaya, shi ne ke ƙarewa da yanke tazarar domin kayan su shiga.

Rariyar tana gaban tazarar ne saboda ita ma tana hargitsa ruwa. Kuma a wannan yanki ba kayan ado ba ce. Rijiyoyin burtsatse na kwarin Sakkwato da yawa suna jawo ruwa ne daga shimfiɗun yashi mai laushi, kuma sabuwar rijiya ko wadda ragarta ta lalace takan turo yashin har tanki. Yashi yana cin sandar da farfela ke juyawa a kai, mita ta riƙa nauyi tana rage lissafi sannu a hankali har ta tsaya. Saboda wannan dalili ma mita mai fistin, wadda ke auna ruwa cikawa-da-juyewa kuma ba ta bukatar miƙaƙƙen bututu ko kaɗan, ba ta dace da ruwan burtsatse ba, domin ƙwayar yashi kaɗan ke maƙale ta.

Hawan da bututu ke yi bayan mita shi ne ke tabbatar da tana cike da ruwa kullum. Mita mai farfela ba ta bambance ruwa da iska. Idan tanki ya ƙare, bututu ya cika da iska, to da ruwa ya dawo zai koro iskar a gabansa, farfela ta yi gudun da ba a gina ta dominsa ba, lambobi su hau alhali ko ɗigo bai zuba a jarka ba. Mitar da ke a ƙasa, bututu ya fi ta tudu gaba da baya, tana zama cikin ruwa ko da layin ya zube. Wannan bai kawar da iskar da ruwa ya koro daga nesa ba, amma ya hana ta kwana a cikin mitar. Sauran maganin na hannu ne: mai kula da rijiya ya rufe babban bawul kafin tanki ya ƙafe ƙaf, kuma in zai buɗe ya buɗe a hankali.

Abin da kuskuren ke ci a aljihu yana da sauƙin lissafi. Kubik mita guda lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai lita 25. Idan rijiyar tana fitar da kubik mita 10 a rana, jarka 400 ke nan. Mitar da gwiwa ta sa tana ƙara kashi 5 cikin 100 za ta nuna jarka 420. A wata guda an samu jarka 600 da mita ta ce an sayar, amma kuɗinsu ba ya cikin akwati. Kwamiti ba zai tuhumi gwiwar bututu ba. Yaron da ke karɓar kuɗi a bakin famfo za a kira ɓarawo. Idan kuma mitar ragewa take yi, to wanda ke sata da gaske ya samu mafaka.

Bawul biyu, aiki biyu

Babban bawul, na gaban mita, aikinsa ɗaya ne: a buɗe shi duka ko a rufe shi duka. Ba a rage ƙarfin ruwa da shi. Wanda ya bar shi rabi domin ya hana 'yan garuwa kwashe tanki da wuri ya ɓata duk amfanin tazarar da aka bari, domin tsirin da rabin bawul ke fitarwa ya fi na gwiwa muni. Idan ana son rage gudu, da bawul na bayan mita ake yi. Wannan har yana taimaka wa mitar, domin yana riƙe ruwa a cikinta.

Amfanin bawul biyu yana fitowa ranar gyara. Da an rufe su duka, an ware mitar daga layi, a kwance ta a wanke ko a canja ba tare da an zubar da tanki ba, kuma ruwan da ke cikin layin gaba bai dawo ya cika akwati ba. Inda bawul guda ne kawai, wanke rariya kan zama aikin yini, shi ya sa ba a yinsa. A manyan tashoshi akan yi wa mita bututun kewaye domin ruwa ya ci gaba da tafiya lokacin gyara. A ƙaramar rijiyar gari wannan ƙofar ɓarna ce, domin duk wanda ya buɗe bawul ɗin kewayen ya sayar da ruwan da mita ba ta gani ba. Ya fi kyau a yanko guntun bututu mai tsawon mitar daidai, da bakuna irin nata, a ajiye. Ranar da aka cire mita a ɗaura shi a gurbinta.

Bawul iri biyu aka fi gani. Akwai mai sitiyari, wanda masu aikin famfo ke kira get-bawul, wanda ake murɗawa sau da yawa wata ƙofar tagulla ta sauka a hankali. Akwai mai hannu, bol-bawul, wanda kwata guda na juyi ke rufewa. Idan hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. Kowanne da aibinsa. Daga Sakkwato zuwa wajajen Illela da tafkin Kalmalo akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina domin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana barin farin ɓawo a cikin kayan famfo. Get-bawul da ya shekara ba a taɓa shi ba sai ɓawon da yashi su cika kwarmin da ƙofarsa ke zama, ranar da aka bukace shi ya ƙi rufewa, ko sandarsa ta karye a hannu. Maganinsa a riƙa rufe shi ana buɗewa duk bayan 'yan watanni, kuma in an buɗe shi har ƙarshe a mayar da sitiyarin baya kaɗan domin kada ya cije. Bol-bawul ya fi jure ɓawo, amma saurin rufewarsa yana sa ruwa ya bugi bututu da ƙarfi, bugun da ke iya tsinka mahaɗar roba. Sai a koya wa mai kula da shi ya ja hannun a hankali. Kuma a duba cikinsa kafin a biya kuɗi: wasu masu araha ramin ƙwallonsu ya fi bututu ƙanƙanta, don haka ko a buɗe suke suna matse ruwa. Na gaban mita ya zama mai cikakken rami.

Mitar gida

Ga gidan da ya ja reshen rabin inci, jerin bai canja ba, sai dai ya ƙanƙance, kuma an ƙara batun iyaka. Wurin mitar shi ne bakin gida, kusa da inda reshen ya shigo, kafin kowane famfo ko reshe ya fita daga layin, a inda mai karatun mita zai gan ta ba sai ya nemi izinin shiga cikin gida ba. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mitar da aka kai tsakar gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, takan yi watanni ba a karanta ta ba, a riƙa rubuta wa mai gida lissafin kintace. Jikin katanga ta waje cikin akwati mai murfi, ko cikin zaure, ya fi.

Bawul na gaban mita na mai ba da ruwa ne, hukuma ko kwamiti; shi ake rufewa idan za a yanke ruwa, kuma akan sa masa waya da hatimi tare da mahaɗar mitar. Na bayan mita na mai gida ne, shi zai rufe idan bututu ya fashe da dare ko zai yi tafiya. Ya kamata kowane babba a gidan ya san inda yake. Bayansa akan sa bawul mai hana komawa, wanda ke barin ruwa ya shiga gida amma ba ya barinsa ya fita. Idan babu shi, duk sanda aka ɗauke ruwa sai wanda ke cikin bututun gidan, har ma da na tankin gida in an haɗa shi kai tsaye, ya koma layin gari yana juya mita baya, ya kuma iya kai datti ga maƙwabta.

Kwanciyar mita tana da nata lissafin. A fuskar mitar gida za a ga rubutu kamar Q3 2,5 da R80H, wani lokaci da R40V a gefe. Q3 shi ne gudun ruwan da aka gina ta ta ɗauka a kullum, a nan kubik mita 2 da rabi a awa, wato lita 2,500. Idan aka raba wannan da lambar R sai a samu mafi ƙarancin gudun da take iya aunawa daidai. H na nufin a kwance, V a tsaye. A kwance, 2,500 a raba 80 ya ba da kimanin lita 31 a awa. A tsaye, 2,500 a raba 40 ya ba da kimanin lita 62. Ma'ana, da an tsayar da mitar, ruwan da ke silalowa a hankali, irin wanda ke shiga tankin gida lokacin da ya kusa cika, ya fara wuce ta ba cikakken lissafi. Dalilin shi ne farfelar tana tsaye ne a kan tsinin sanda kamar makaɗi; in aka karkata ta sai nauyinta ya koma gefe tana gogawa. Mitar da ba a rubuta mata V ba sam ba a tsayar da ita. Kuma kwanciya na nufin fuska sama. Mitar da aka kwantar amma aka juya fuskarta gefe domin sauƙin karatu ta fita daga sharaɗin H.

A jikin kowace mita akwai kibiya da ke nuna inda ruwa zai bi. Ana samun waɗanda aka ɗaura a juye, wasu da kuskure, wasu da gangan.

Ranar ɗaurawa

Ba a sa mita a sabon layi sai an wanke shi. Ana ɗaura guntun bututu a gurbinta, a buɗe ruwa da ƙarfi ya kwashe yashi, da ɓarɓashin da zarto ya bari, da busasshen gam, da guntayen tef. Sannan a rufe, a cire guntun, a sa mitar. Mahaɗan mitar gida goro ne mai juyawa da washa a ciki. Washar ce ke hana yoyo, don haka ba a naɗa tef a wannan zare, kuma ba a matse shi da ƙarfin tsiya. Bakunan bututun biyu su kasance suna kallon juna a miƙe, kowanne da abin da ya tallafe shi. Mitar da aka tilasta ta shiga tsakanin bututu biyu da suka goce tana ɗauke da nauyinsu, kuma mai jikin roba tsagewa take yi.

Sai a buɗe famfo guda a gaba, a buɗe bawul na bayan mita, sannan a buɗe babban bawul kaɗan-kaɗan har iska ta gama fita, ruwa ya daina tari. A rubuta lambar mitar da karatun farko a gaban ɓangarorin biyu.

Zafin rana yana cikin abin dubawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma ruwan da ya tsaya cikin bututun da ke fili ya fi haka. Mitoci da yawa an rubuta musu T30, wato an yi su domin ruwan da bai wuce digiri 30 ba. Mai T50 ta fi dacewa da nan. Rana kuma tana dusar da murfin fuskar har lambobi su daina karantuwa, tana busar da bututun roba ya zama mai saurin fashewa. Akwati mai murfi yana maganin wannan, muddin an ɗaga bakinsa sama da ƙasa kuma an bar masa tsakuwa ko mafitar ruwa a gindi, domin kada ruwan Agusta ya mayar da shi kududdufi. A bar wuri ƙarƙashin mitar da gefenta da sifana za ta juya.

Yadda ake gane matsala

Baƙaƙen lambobi kubik mita suke ƙirgawa, jajaye da ƙananan allurai kuma lita da ɓangarorinta. A tsakiyar fuskar akwai 'yar tauraruwa ko ƙaramin faifai da ke motsi da ɗan ruwa kaɗan. Da ita ake kama yoyo. A rufe duk famfunan gida, a tabbatar tanki ba ya sha, a zuba mata ido. Idan tana juyawa, ruwa na fita a wani wuri. Sai a rufe bawul na bayan mita. In ta tsaya, yoyon yana cikin gida, gyaransa da kuɗinsa na mai gida ne. In ba ta tsaya ba, ko dai bawul ɗin ba ya rufewa sosai, ko mahaɗar da ke tsakaninsa da mita ce ke zuba. Gidan da ba shi da wannan bawul na biyu ba shi da hanyar yin wannan gwaji. Yoyon da ke gaban mita kuwa ba ya fitowa a fuskarta ko kaɗan. Sai dai a gan shi a damshin ƙasa, ko a giɓin da ke tsakanin mitar tanki da jimillar mitocin gidaje.

Gwada gaskiyar mitar kanta ba ya bukatar ɗakin bincike. Ana bukatar ma'auni tabbatacce kawai, kuma jarka ba ta cika zama tabbatacciya ba, domin wadda ake kira mai lita 25 takan ɗauki fiye da haka in an cika ta har wuya. Lita guda ta ƙari a kowace jarka kashi 4 cikin 100 ne, wanda shi kaɗai ya isa ya tayar da rigima tsakanin kwamiti da mai karɓar kuɗi ko da mitar ba ta da laifi. Tunda lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne, sai a ɗora jarka a sikeli, a cire nauyinta, a zuba ruwa har kilo 25, a yi alama. A karanta mita, a cika jarkar zuwa alamar sau 4 da famfo a buɗe sosai, a sake karantawa. Ƙa'idar ta yarda sabuwar mita ta kuskure da kashi 2 cikin 100 a gudu na yau da kullum, kashi 5 a gudu mafi ƙanƙanta, kuma wadda ke kan aiki ana yi mata sassaucin ninki biyu. Don haka a wannan gwaji na lita 100, karatu tsakanin 96 da 104 bai zama abin ƙara ba. Babbar mitar tanki kuwa lita 100 ta yi mata kaɗan, kuma famfo guda ba ya motsa ta yadda ya kamata; sai a buɗe kawunan famfo duka a auna jarka 40.

Idan karatun ya fita daga iyaka, kafin a la'anci mitar a duba abin da ke gabanta: ko babban bawul a buɗe yake har ƙarshe, ko rariya ta toshe, ko tazarar ta cika. Mitar da ke ƙara lissafi galibi iska ce, ko ɓawo da datti sun tsuke ƙofar da ruwa ke bi ya bugi farfela, ya riƙa fita da tsiri. Wadda ke ragewa galibi yashi ya ci sandarta, ko an sayo wadda ta fi ƙarfin ruwan da ke bi ta cikinta. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a rijiyoyi masu aiki da hasken rana idan aka sa mita a bututun da ke hawa tanki, domin da sassafe da yamma injin yana turo ruwa kaɗan ne. Mitar DN50 mai Q3 25 da R50 ba ta fara auna daidai sai gudu ya kai lita 500 a awa. Girman mita da yawan ruwan da ke gudana ake zaɓensa, ko da zai sa a rage faɗin bututu a wurin, a sake auna ninki 10 da 5 da sabon faɗin.